Katin rijiyar arewa

Shekara biyu na yi ina riƙe da allon ayyuka a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai gyaran rijiyoyi a Dakoro. Farin katako ne da aka kafa a bango, aka raba shi gida biyar: abin da za a yi, abin da ake yi, jiran dubawa, wanda ya cije, wanda aka gama. Kowane aiki da katinsa. Kowace Litinin mukan tsaya gabansa, ni da shef, wato shugabanmu, da masu aikin daji, ina karantawa suna ba da amsa.

Shef ne ya koya mani bambancin gida na uku da na huɗu. Ya ce in aiki ya ƙare a hannun mai shi, mai dubawa kuma yana iya ɗaukarsa yau ya ce i ko a'a, wannan jira ne, tuni kawai yake so. In kuwa babu wanda zai iya matsar da shi sai wani abu ya samu, ya cije, a liƙa masa jan alama, a rubuta abin da ya tare shi da wanda zai kawar. Na haddace. Amma mutanenmu da zarar abu ya kwana uku a teburin shef sai su liƙa masa ja don a gani. Rabin lokacina a ɓare jajayen ƙarya yake tafiya.

A wani rani akwai katin wata rijiyar makiyaya can arewa, wadda gindinta ya rufta. Ma'aikacinmu ya je ya gani, ya zana yadda za a yi gyaran, ya aika wa injiniya a Maraɗi. Katin ya shiga gidan jiran dubawa. Ba ja a jikinsa, don haka hankalina kwance.

Wani dattijo Bafulatani, wanda danginsa ke shayar da dabbobi a wurin, yakan biyo ta biro duk ranar kasuwa. Ba ya zama. Yakan tsaya bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa.

"Ɗiyata, ina labarin rijiya?"

"Baba, an gama komai. Sa hannu kaɗai ya rage."

Karo na uku ya ce mani maƙwabtansu sun kora shanu sun yi kudu, wajen Sabon Maci. "In da saura, ki hwaɗa mani, mu ma mu tashi tun shanu na da ƙahwa."

Na waiwaya na dubi allon, na ce masa kwana kaɗan ne in Allah ya so.

Sau biyu na tura wa injiniyan saƙon tuni, shiru. Sai a mako na shida na kira shi. Ya yi mamaki. Ya ce ai tun makon farko ya mayar da amsa: ba zai iya duba zanen ba sai an gwada yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa, don a san zurfin da za a kai. Ya ɗauka an riga an gaya mani. Amsar tana cikin akwatin saƙon ma'aikacinmu, shi kuwa an tura shi Ɗan Gulbi inda waya ba ta kamawa sosai. Gwajin yana buƙatar injin jan ruwa. Namu ya ƙone tun kaka, kuma katinsa na nan a gidan waɗanda suka cije, jawur, yana jiran wani ƙarfe da aka rasa a Maraɗi. Kati biyun ba su fi taƙi uku tsakaninsu ba. Kowace Litinin ina karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Na cire katin rijiyar, na mayar da shi kusa da na injin, na liƙa ja. Shef ya kira inda zai kira. Aka ce a nemi aro, wani mai inji da aka samu ya ce nasa na aiki wani wuri har damina.

Ranar kasuwa dattijon ya zo, na fita na same shi na gaya masa gaskiya duka. Ya saurara har na kai aya.

"To tun yaushe ne ta cije?"

"Tun farko, Baba. Ni ce ban tambaya ba."

Ya ce yanzu shanun ba su iya tafiyar, masu ciki sun fara kwanciya ba su tashi. Bai zage ni ba. Ya yi mani addu'a, ya tafi. Daga baya na ji a bakin wani dillali cewa ya sayar da abin da ya saura a wulaƙance, ƴaƴansa biyu sun tafi neman aiki Agadas.

Tun daga nan ba na yarda da gidan da kati yake. Nakan kira mai dubawa in ce, yana hannunka? Kana iya duba shi yau? Cikin wata guda na tono wasu kati huɗu irin na rijiyar, na mayar da su ja. Ko ɗaya bai motsa ba. Da wa'adin aikin ƙungiyar ya cika aka sallame mu, ƙarfen injin bai iso ba, rijiyar tana nan yadda take.