Takardu Goma Sha Bakwai na Ishaku

A unguwar Kwamba da ke Suleja, idan aka ce a je wajen Saratu mai tafireta, ba a ƙara wani kwatance. Shagonta ɗaki ne guda a zauren wani gidan haya, da tebur, da benci, da tafireta mai murfin leda. Shekara goma sha biyu ta yi tana buga takardu a wata ma'aikata a Minna, daga 1977 zuwa 1989, kafin mijinta ya samu aikin tuƙi a Abuja su dawo Suleja. A ma'aikatar nan ta Minna ne ta ga yadda ake tace masu neman aiki, domin ita ke buga sunayen waɗanda za a kira. Jami'i zai zauna gaban tarin ambulan ɗari uku, ya duba rabin shafin farko na kowace takarda, ya jefa ta dama ko hagu. Abin da mutum ya ɓoye a shafi na uku, shi da Allahnsa suka san da shi.

Da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika da masu neman aiki, kowa da fayil a hammata. Masu tafireta sun yi yawa a gari, kuma yawancinsu abin da ka miƙa shi za su buga. Saratu kuwa ba ta taɓa madanni sai ta ga tallar aikin da idonta, sannan ta ga ainihin kowace takardar shaida. Wasu na cewa tana da tsaurin kai. Ba ta musu.

Ranar Talata, 10 ga Mayun 1994, da misalin ƙarfe tara na safe, wani mutum mai suna Ishaku ya shigo tare da kawunsa, Baba Gidiyon, tsohon masinja da ya yi ritaya. Ishaku mai aikin wayarin ɗin lantarki ne, shekararsa talatin da takwas, 'ya'yansa huɗu. Kamfanin ginin da ya yi wa aiki shekara tara ya gama kwangilarsa ya tattara, wata bakwai ke nan yana zaune. Matarsa ta riga ta ce idan damina ta zauna babu aiki, za ta kwashi yaran su koma ƙauye, makarantarsu ta tsaya. Yanzu wani kamfani mai kula da rukunin gidaje a Abuja yana neman mai lantarki, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu.

"Yaya Saratu, sibi nake so," in ji shi, wato takardar tarihin karatu da aiki. "A sa komai. Ga su nan na jera."

Ta karɓi tallar da ya yanko daga jarida, ta karanta sau biyu. Ana son mai shaidar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mataki na ɗaya ko na biyu, a fannin wayarin, da ƙwarewar shekara biyar. Wanda ya san janareta ko yake da lasisin tuƙi ya fi.

Sai ta buɗe fayil ɗin ta ƙirga. Takardu goma sha bakwai. A sama akwai wata mai ƙyalli, da zanen ruwan gwal a gefe da jan hatimi kamar faifai. Shaidar kwas ɗin kwamfuta ce na mako biyu, daga wani shago a gari, 1993.

"Wannan ita za ta buɗe sibi ɗin," in ji Baba Gidiyon, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa. "Ni na kai shi da ƙafata. Zamanin kwamfuta ne, 'yata."

"Haka ne, Baba. Ishaku, idan aka ajiye maka kwamfuta yanzu, me za ka yi da ita?"

Ishaku ya sosa ƙeya. "Zan kunna."

"Daga nan fa?"

"Mu takwas ne a kan guda ɗaya, Yaya. Kuma kwana huɗu babu wuta."

"Kai da kake mai lantarki?"

Har Baba Gidiyon sai da ya murmusa, kafin ya tuna ba dariya ta kawo shi ba.

Saratu ta share tebur ta fara rarraba takardun gida uku, tana yi wa kowace tambayoyin da ta saba: wa ya bayar, an yi jarrabawa ko zama kawai aka yi, yaushe, kuma me ya haɗa ta da aikin da ke cikin talla. Shaidar baftisma ta koma gefe. Haka ta bitar mawaƙan coci a Tafa, da ta taron yini guda na wayar da kan jama'a, da ta kwas ɗin kiwon zomo.

"Zomo kuma?"

"Sun mutu duka," in ji Ishaku.

"Allah ya mayar da alheri. Ba za mu tayar da su ba."

Akwai wata da ya kira difloma ta gudanarwa. Ta ɗaga ta ga haske, ta ga wasiƙar karɓa ce daga wata makarantar koyarwa ta gidan waya. Darasi uku ya yi ya bari. Ta gaya masa wasiƙar shiga ba shaidar fita ba ce, kuma idan ya rubuta difloma aka ce ya kawo ta asali ranar intabiyu, sauran takardunsa na gaskiya ma za a fara yi musu kallon zargi. Lasisin tuƙinsa ya ƙare tun Janairu. Ta ce ko ya sabunta kafin Juma'a, ko a bar shi. Ya ce ba zai yiwu ba, aka bar shi. Wasiƙun yabo biyu daga tsofaffin shugabanninsa ta ce ba takardun karatu ba ne, amma sunayen mutanen za su shiga wajen masu ba da shaida a kansa, idan ya je ya nemi izininsu.

Can ƙasan fayil, a naɗe cikin tsohuwar jarida, ta tarar da takardu uku da suka yi ja, ɗaya da ɗigon baƙin mai a kusurwa. Shaidun jarrabawar sana'a ne: mataki na uku 1981, na biyu 1984, na ɗaya, wanda shi ne ƙololuwa, 1989.

"Wa ya binne waɗannan a nan?"

"Sun tsufa, Yaya. Kuma na masu aikin hannu ne. Kowa na da su."

"Kowa na da mataki na ɗaya? Ku nawa kuka zauna jarrabawar a kamfaninku?"

"Mu shida."

"Nawa suka ci?"

"Biyu."

Ta ɗora ta mataki na ɗaya a kan komai. Baba Gidiyon ya gyara zama. Ya ce shi ya yi shekara talatin yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, kuma bai taɓa ganin an raina fayil mai kauri ba. Sannan ko a gida babba ke gaba: in dai dole sai an fara da waɗannan tsummokaran, a fara da ta 1981, a bi shekaru yadda Allah ya jero su. Ta kwamfuta kuwa, cire ta cire shi ne.

Nan ne Saratu ta ɗan dakata. Ta san mutumin nan ya ɗauki ɗan ƙanwarsa tun yana ƙarami, kuma takardar mai ƙyalli ita ce abu na ƙarshe da ƙarfinsa ya iya yi masa. Layi ɗaya ne kawai, a ƙasan shafi, ba zai ci mata komai ba. Amma ta sha jin yadda ake yi a ɗakin intabiyu: layin da mutum ya fi rauni a kai, shi wani daga cikin masu tambaya zai kama.

"Baba, fayil mai kaurin da kuke ɗauka na wanda ya riga ya samu aiki ne," ta ce a hankali. "Na mai nema, minti ɗaya ake ba shi. Ku kuka yi masa hanyar makarantar koyon sana'a, ko ba haka ba?"

"Ni ne."

"To sunanta na nan a shafin farko, da shekarunta. Hannunku bai fita ba. Ta kwamfuta kuwa, idan suka tambaye shi ya ce zai kunna, ku za a ji wa kunya."

Tsohon ya miƙe, ya ɗauki takardarsa mai ruwan gwal ya sa a aljihun gaba, ya fita bai yi sallama ba. Ishaku ya yi kamar zai bi shi.

"Kai za a ɗauka, ba ni ba," in ji Saratu. "In ka ce a sa ta kwamfutar, zan sa. Amma na gaya maka abin da na sani."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bayan kawunsa har ya sha kwana. Sannan ya dawo ya zauna a benci. "Buga, Yaya."

Ta zura takarda da kabon a tafireta. Bayan suna da adireshi da ranar haihuwa, ta buɗe da shaidun sana'a, na ɗaya a sama, na biyu, na uku, kowanne da fanni da hukumar da ta bayar da shekara. Sai makarantu: ta koyon sana'a, sannan firamare a layi guda. Sai ayyukan da ya yi, na baya-bayan nan a farko. A ƙarƙashin gajerun kwasa-kwasai biyu kawai suka shiga. Na gyaran janareta, mako uku, 1990, wanda aka yi jarrabawa a ƙarshensa, ta sa shi gaba duk da ba shi ne sabo ba, saboda talla ta ambaci janareta. Na kiyaye haɗari a wurin aiki, kwana biyar, 1992, ya biyo baya, kuma ta rubuta a fili cewa na halarta ne. Cikin takardu goma sha bakwai, bakwai suka samu layi. Shafi ɗaya da rabi.

Ishaku ya riƙe ta yana jujjuyawa. "Ba ta yi ƙanƙanta ba kuwa?"

"Karanta min layin da ba za ka iya karewa ba."

Ya karanta daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi. Bai samu ba. Ta sa shi ya yi fotokwafin bakwai ɗin, ya jera su yadda suke a shafi, ta ce na asali su zauna a gida sai ranar da aka kira shi. Ranar Alhamis ya kai da hannunsa.

An kira shi ranar 14 ga Yuni. Yadda ya ba ta labari daga baya, mutum uku ne a ɗakin. Sun duba na asali ɗaya bayan ɗaya, injiniyan cikinsu ya sa yatsa a kan kwas ɗin janareta ya tambaye shi wane iri aka koya musu, sannan ya kai shi bayan ofis inda wani janareta ya ƙi tashi tun safe. Iska ce ta shiga layin mai. Ishaku ya fitar da ita, injin ya kama. Ya fara aiki ɗaya ga Yuli, yaran kuma suka gama zangon karatunsu a Suleja.

Baba Gidiyon ya yi kusan wata huɗu in ya zo wucewa ta gaban shagon sai ya tsallaka titi. Saratu kan gaishe shi daga nesa, ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. Har yau bai yarda cewa takardarsa za ta hana Ishaku aiki ba, kuma ita ma ba ta taɓa cewa tabbas za ta hana ba. Ya sa an yi wa takardar firam, tana rataye a ɗakinsa.