Adashin Keken Lantarki

Mu goma ne teloli a layinmu na Badarawa, shago na jikin shago, kuma kowa da keken ɗinki na ƙafa yake aiki. Babbanmu shi ne maigidana, wanda ya koya mini riƙe almakashi. Baba muke ce masa gaba ɗaya, don rabin layin a hannunsa muka koyi ɗinki. A lokacin gwiwoyinsa sun fara gajiya. In ya yini yana taka keke, da la'asar sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Shi ya kawo shawarar adashin. Ya ce zamani ya juya, keken lantarki irin na kamfani shi ne abin yi, kuma babu mai iya sayensa shi kaɗai a cikinmu. Muka je babbar kasuwa muka tayo keke, muka raba kuɗinsa gida goma. Abin da kowa zai riƙa zubawa duk wata ke nan. Wanda kwasa ta zo kansa ya ɗauki kuɗin ya sayo nasa, bayan wata goma kowa ya mallaka. Wallahi ranar har da shewa muka yi kamar 'yan biki.

Da aka zo tsara wanda zai fara, wani ya ce a yi ƙuri'a. Baba ya ce ƙuri'ar me, kamar waɗanda ba su san juna ba? Ya sa mai sabon aure a farko, ya bi da masu ƙananan yara, ni ya ajiye ni a na bakwai, ya sa kansa a ƙarshe. Babu wanda ya ga aibun haka. Babba juji ne, kuma a saninmu na da, kwasar ƙarshe ba asara ba ce. Ajiya ce. Ka gama zubi, ka kwashi kuɗinka a dunƙule, ba a bin ka ko sisi.

Na farko da na biyu da na uku suka sayo kekunansu a leda. Sai shekarar ta birkice. Man fetur ya tashi, kuɗin waje ya tashi, duk abin da ake shigo da shi ya bi su. Na huɗu sai da ya ciko daga aljihunsa. Na biyar ya sayar da akuyar matarsa ya haɗa. Ni kuwa na zauna ina kallon farashi yana gudu, zubinmu yana nan inda muka bar shi.

Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Ranar zubi na shida, muna zaune a kan benci a ƙofar shagon Baba, na ce a tsaya.

"Jama'a, keke muka taru mu saya ko takarda? In keke ne, to a ƙara zubi kowa ya samu, har waɗanda suka riga suka kwasa su ciko."

Mai sabon auren nan ya yi dariya. Ya ce, "Yaya, don layi ya kusa zuwa kanka ne ka zama alƙali? Abin da na karɓa shi nake mayarwa, ban rage ko kwabo ba. Da farashi faɗuwa ya yi, za ku mayar mana da rara?"

Ta nan ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Ya ƙara da cewa shi tun watan farko da bashi yake kwana, ko ciwo ya kwantar da shi dole ya nemo zubi, alhali kuɗin an riga an kashe.

Na ce, "Bashin da ba ruwa a kansa, kana ɗinki da shi kana cin riba! Mu kuma muna zuba muku kuɗi mai nauyi, za ku mayar mana da shi ya zama fanko. Haba, ku ji tsoron Allah mana!"

Hayaniya ta kaure. Wani daga cikin masu jira ya ce shi ƙarin zubin ma ba zai iya ba, na yanzu da ƙyar yake haɗawa. Wani ya ce ya tambayi malamin masallacinmu, ya ce masa adashi rance ne muke ba juna, kuma ba a gindaya wa mai rance sharaɗin ya mayar da fiye da abin da ya karɓa. In ya ƙara don kansa, kyautatawa ce. To, kyautatawar ce ban ga wanda ya ɗaga hannu ba.

Baba ya bari sai da muka gaji. Sannan ya ce, "A kan abin da muka shirya za mu ƙarasa. Kada in ƙara jin an ɗaga murya a kan wannan."

Da kowa ya watse na bi shi ciki. Na ce, "Baba, mu yi musaya. Ku karɓi ta wata mai zuwa, ni in koma ƙarshe. Ƙafata lafiyarta ƙalau."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni na tsara layin nan da bakina. Yanzu da wuta ta taso sai in tsallake yarana in fice? Me za a ce da ni?"

Na roƙe shi har na ji haushinsa. Ya ƙi. Da tawa ta zo na sayi keke na hannu, wanda ya sha aiki a wani wuri, da shi nake ci har yau.

Abin da ya fi ci mini rai ba farashin ba ne. Akwai wata makarantar Islamiyya da Baba ya daɗe yana ɗinka wa kayan ɗalibai, ita ce jarinsa na shekara. Da suka ga yaran nan masu sabbin kekuna suna gama a mako abin da shi yake wata a kansa, sai suka kai aikin can. Ban ce yaran sun je nema ba, kawo musu aka yi. Amma kekunan da suka ɗauke masa aikin, da zubinsa a ciki.

A wata na goma na raka shi kasuwa da kuɗin a aljihun 'yar ciki. Mai sayar da kekunan ya faɗi farashi, Baba ya sa aka maimaita masa. Kuɗin ko na hannu mai kyau ba su kai ba. Ya nemi a bar shi ya gwada sabon keken, ya zauna, ya ja layi ɗaya a kan ƙyalle, ya ɗaga ya duba ɗinkin ciki da waje. Ya ce ma sha Allah, ya miƙe. Ƙaramar mota ta lantarki muka saya, irin wadda ake ɗaura wa tsohon keke ta riƙa juya shi. Ta rage masa taku, amma in ta haɗu da shadda mai kauri sai ta yi zafi ta tsaya, kuma masu kawo aiki sun riga sun saba da wasu ƙofofin. Ragowar kuɗin suka tafi a haya da maganin gwiwa.

Ba mu sake adashi a layin ba. An gwada tayar da shi, kowa ya ce shi ne na farko ko ya fasa. Mai sabon auren nan ya taɓa kai wa Baba buhun masara, ya karɓa ya sa masa albarka. Da haya ta sake zagayowa, Baba ya mayar da mabuɗin shago.

Ya yi kusan wata biyu a gida. Wata safiya ina yankan yadi na ji sallamarsa. Na tashi da sauri na ba shi kujerata, ya ƙi, ya zauna a bencin masu jira. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Ya riƙa juya hularsa a hannu, ya bari sai da wani mai karɓar ɗinki da ke tsaye ya fita.

Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ɗan nan, in kana da rigunan da za a sa wa maɓalli, ka riƙa ajiye mini. Hannuna yana nan da kyau. Ka biya ni yadda kake biyan kowa."