Layin da na sa Baba

Shekarar da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, a karon farko, ba ƙin karatu ne ya kayar da ni ba. Na haddace kayen labarin ƙasa, littafin da muke kwafar darasi a ciki, tun daga bango har bango. Da aka raba takarda aka ce a kwatanta yankuna biyu, sai na juye duk abin da ke kaina game da na farko, na juye na biyu a ƙarƙashinsa, na fito ina murmushi. Ban kwatanta komai ba. Lisen, wato makarantarmu, ta bar ni na maimaita tarminal, ajin ƙarshe, amma sau ɗaya ake bari. In na sake faɗuwa, kujerata ta tafi, kuma gidanmu ba gidan da zai iya biyan makarantar kuɗi ba ne. Sai dai in tattara in koma ƙauyenmu da ke gefen Hamdara.

A Damagaram gidan Goggo nake zaune, ƙanwar mahaifina, mai tuyar ƙuli-ƙuli. A shekarar maimaicin aka kawo mana sabon malamin labarin ƙasa, dogon mutum mai ƙaramar murya, wanda ba ya dariya sai ɗalibi ya faɗi shirme da ƙarfin zuciya. Mushe muke ce masa da Faransanci, kamar kowane malami. Ranar farko ya ce kowa ya nemo kwali. Darasi ɗaya, kati ɗaya. A saman kati a rubuta wuri da matsalar, sannan a ja layi biyu a raba shi gida uku: dalili a sama, illa a tsakiya, mataki a ƙasa. Dalili a ware na halitta da na ɗan Adam. Illa a ware ta nan take da mai daɗewa. Mataki kuwa dole a faɗi wa ya ɗauke shi. Ba a rubuta jimla doguwa, kuma gidajen su zama daidai a kowane kati, domin in ka jera biyu gefe da gefe idonka ya bi layi ɗaya ya tsallaka daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Ni da na sha wuya a hannun hadda, abin ya shige ni sosai. Mai shayin bakin layinmu yana tara mini kwalayen sukari, ina yanka su da almakashin Goggo, ina rubutu a farin gefensu na ciki. Da la'asar nakan baje su a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, tururuwa na bin su saboda ɗan zaƙin da ya rage. Goggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake cin jarrabawa da karta ba.

Katunan da na fi ji da su guda biyu ne: farin Sahel, da farin arewa maso gabashin Barazil. A gidan dalili sun yi kama, damina marar tabbas, shekara ta yi ruwa shekara ta ƙi. A Barazil na ƙara cewa manyan masu ƙasa sun riƙe filaye masu kyau, a Sahel na sa yawan jama'a da gajiyar gona da saran itace. A gidan illa na rubuta mutuwar dabbobi, tsadar hatsi, yunwa, sai cirani, wato tafiyar maza birane. Gidan matakin Barazil ya cika har ina rubutu a gefe: madatsun ruwa, tankunan tara ruwan sama a gidaje, motocin kai ruwa. Na Sahel layi biyu ne, taimakon abinci daga waje da bankunan hatsi. Sauran wurin fari fat, kuma bai dame ni ba, don abin da na tsinta a kaye ke nan.

Bayan an gama girbi Baba ya biyo ta gidan Goggo a hanyarsa ta zuwa Kano. Duk shekarar da gero bai kai ba haka yake yi, ya je ya tura kurar ruwa har ruwan shuka ya kusa. Ya same ni a tabarma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kirana da suna.

"Uwata, mene ne wannan kika baza kamar mai talla?"

Na ce karatu ne. Ya ce in karanta masa ɗaya da Hausa. Na ɗauko na Sahel ina jin kaina, na bi masa gida gida. Yana gyaɗa kai har na zo kan tafiyar maza, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ai ni ne."

Na ce e, irinsu ne.

"A wane ɗaki kika sa ni?"

"Ɗakin illa, Baba. Abin da fari ya jawo."

"Tare da mushen shanu?"

Goggo ta fashe da dariya daga bakin kasko. Shi bai yi ba. Ya ce saniya ba ta yi shawara da kowa ba kafin ta faɗi. Shi kuwa ya shiga rumbu ya duba dammunan gero, ya ga in ya zauna ba za su kai damina ba, in ya cire bakinsa daga tukunya za su kai, kuma abin da ya samo a can ya sayi iri. Ya ce, "Ba iska ta kwashe ni ba, da ƙafata zan shiga mota."

Ni kuwa a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Na ce masa haka yake a littafi, kuma waɗanda suka rubuta littafin sun yi karatu mai zurfi. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya saɓa jakarsa ya nufi tasha. Na ji ba daɗi, amma ban taɓa katin ba.

A watan uku aka yi jarrabawar gwaji. Tambayar kamar don ni aka yi ta: a kwatanta yadda yankuna biyu ke fuskantar fari. Na bi layin mataki kamar yadda aka koya mana, na tsallaka daga kati zuwa kati, na rufe da cewa a Barazil ana yaƙi da fari, a Sahel kuwa ana jiran taimako. Na samu bakwai bisa ashirin. Da irin wannan sakamako a darasin da na fi dogara da shi, hanyar Hamdara ce a gabana, kuma na san haka. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na bi Mushe bayan an tashi, na ce ai na kwatanta. Ya ce kwatancen ya yi, katin ne gurgu. Na miƙa masa na Sahel, ya karɓa ya juya shi, ya nuna farin wurin da ke ƙasa.

"Ke 'yar ina ce?"

Na faɗa masa.

"Shekarar da gero ya ƙi a garinku, zama kuka yi kuna kallon hanya har motar taimako ta zo?"

Ya ce ga ma'auni, in riƙe shi: duk abin da zan sa a kati in tambaya, akwai wanda ya yanke shawarar yin sa don ya rage wahalar? In akwai, mataki ne, ko da ba gwamnati ta ɗauka ba. Ya ce in raba gidan mataki kashi uku, na iyali, na gari, na hukuma da ƙungiyoyi, kuma in yi haka a katin Barazil ma, don can ɗin ma talakawa na barin gona su tafi manyan biranen kudu. Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce na zo birni na koyi rubuta iyayena kamar ba su da hannu. Kunya ta rufe ni, don maganar Baba ce aka maimaita mini da Faransanci.

Hutun da ya biyo baya na tafi gida da sabon kwali. Ban buɗe kaye ba, Inna na bi ina tambaya. Ta ce ana sayar da akuya tun tana da ƙiba, kafin kowa ya kawo tasa kasuwa farashi ya faɗi. Ana haɗa gero da wake da dawa a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Ana ajiye iri mai saurin nuna. Ta kai ni gonarmu ta nuna mini itatuwan gawon da Baba ya hana a sare, waɗanda tun suna toho yake rage musu rassa yana barin mai ƙarfi, ganyensu na taki, 'ya'yansu na ciyar da awaki da rani. Na sha wucewa ta ƙarƙashinsu ban taɓa ganin su a matsayin amsar jarrabawa ba. Gidan mataki ya cika, na koma ina rubutu a gefe.

Amma a kwanakin nan na ga wani abu kuma. Inna ce ke gyaran dangar da ta faɗi, ita ke kai ƙanwata asibiti, ita ke tsayawa a gaban mai gari in an yi rikicin iyakar gona. In waya ta yi ƙara takan saki abin da ke hannunta ta ruga, ko Baba ne. Na riƙe bik, wato biro, a kan kalmar cirani da ke gidan illa, zan soke ta, na kasa. Na rubuta ta a gidan mataki, na bar ta a gidan illa, na ja kibiya daga ƙasa zuwa tsakiya. Da na nuna wa Mushe ya ce haka ne, mataki ma yana haifar da tasa illar, kuma mai duba takardar jarrabawa yana son ganin wannan kibiya.

A bak ba fari aka tambaya kai tsaye ba, matsalolin noma ne a ƙasashen Sahel da hanyoyin magance su. Na zana gida uku a takardar gwaji kafin in fara, na cika su. Na ci a zagayen farko, ba sai da na shiga na biyu ba.

Na iso gida ana noman farko, Baba ya dawo tun ruwan shuka. A gona na same shi, ya rame, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan karkace saboda turin kura. Na faɗa masa, ya yi hamdala, ya jingina hauyarsa da gawo. Sai ya ce, "Uwata, har yanzu ina ɗaki ɗaya da mushen shanu?"

Na ciro katin na nuna masa, ko da yake ba ya karatun boko. Na ce ga shi nan ƙasa, cikin masu ɗaukar mataki, shi da itatuwansa. Ya sa yatsa ya bi kibiyar zuwa sama, ya ce wannan fa, ba kalma ɗaya ba ce da ta ƙasan?

Na ce, "Ita ce, Baba. Ta ƙasan kai ne da ka tafi. Ta saman mu ne da ka bari."

Ya daɗe yana kallon kwalin sukarin. Sannan ya miƙo mini, ya ce in bar shi yadda yake, kada in goge ko ɗaya.