Ajin Masu Ɓare Agushi

Shekarar da Malam, maigidana, ya yi ritaya daga koyarwa, mangwaron gidanmu na Bukan Sidi ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. A ƙarƙashinsa Malam yake wuni. Da safe zai yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna yana sauraron ƙararrawar firamaren da ke bayanmu. In an kaɗa, sai in ga ƙafarsa ta motsa, sannan ta koma.

Fanshonsa na shigowa, yana riƙe mu daidai gwargwado. Ba yunwa nake tsoro ba, zaman nake tsoro. Na ga yadda zama ya cinye mahaifina, kuma ga Malam ya fara rage tuwo.

Masu shawara sun yi yawa. Wani ya ce kaji, na tuna da mura mai share keji. Wani ya ce ya sayi riɗi a Doma ya ɓoye, na ce in farashi ya faɗi fa? Ƙaninsa ya ce ya buɗe makaranta, amma akwai haya, da rajistar ma'aikatar ilimi, da albashin malamai ko yara sun biya ko ba su biya ba. Malam ya ce, "Maman yara, ni dai abin da ba bashi, ba gudu, kuma da alli a ciki."

Wata mai sayar da doya, 'yar ƙabilar Tibi, ita ta kawo mafita. Ta miƙa masa wayarta ta ce, "Baba Ticha, duba mini, alat ɗin banki ya shigo? Kullum sai na roƙi mutum." Malam ya daɗe yana kallonta kamar mai kallon hadari daga nesa. A makon nan ya shafa wa wani katako baƙin fenti, ya aro bencina, ya jera su a ƙofar gida. Matan kasuwa za su zo bayan la'asar su koyi karatu da rubuta sunansu, su ba da ɗan abin da aka yi yarjejeniya a ƙarshen wata.

Sun zo, kuma Malam ya koma saurayi. Sai dai ya yi musu irin ta firamare. In ya fito a miƙe, in za a amsa a ɗaga hannu, mai kuskure ta je gaban allo. Lokacin kuwa yara ke wucewa, suna tsayawa suna kallon kakanninsu na haɗa baƙi da wasali. Kaɗan-kaɗan bencinan suka koma wayam. Malam ya ci gaba da rubuta darasi a allo, yamma ta yi ya goge. Ni kuwa na ɗauka ruwan shan da na ba su ne ba sanyi, ko na gaishe su a tsaitsaye. Na yi ta juya abin har ciwon kai.

Rannan muka je kasuwa tare, muka ci karo da mai doyar. Malam ya ce, "Mama, laifin me na yi?"

Ta yi dariya. "Baba Ticha, jikana ya ce mini, Kaka, ke ma an kore ki gaban allo? Ni da furfura? Sirikina ma ya wuce a mashin, ya gan ni hannu a sama kamar ɓarawo!"

Muka koma gida. Washegari Malam ya shigo da allon tsakar gida, ya jingina shi da mangwaro, ya mayar da bencinan, ya ce in shimfiɗa tabarmi. Da matan suka dawo, su da kansu suka ƙara dabara: kowacce ta zo da tire na agushi, wanda ya tambaya a ce ɓara za a yi a gidan Malam. Wannan ya hana ni sukuni. Na ce masa, "Malam, ba ƙarya ba ce kuwa?" Ya ce, "To ki tabbatar an ɓare." Shi ya sa ba mai fita sai na ga ɓawo a ƙasa.

Har yau in na rufe ido, yammacin nan nake gani. Ƙamshin shinkafar da ake turarawa yana zuwa daga injinan casa, hasken rana na ɗigowa ta ganye yana yawo a kan allo. Yatsu na ƙas-ƙas, bakuna na bin Malam a hankali, shi kuma yana zaune a kujera 'yar tsugunno, ba ya kiran kowa gaba. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ji muryoyin kamar daga ƙetaren rafi.

Ranar da mai doyar ta karanta alat da kanta, ta yi guɗa har kaji suka watse. Da magariba Malam ya cinye tuwonsa, da ƙurar alli a gemu, ya miƙo kwano ya ce, "Da saura?"