Yabon da Aka Zubo wa Kawu Birki

Kawuna, yayan mahaifiyata, koyar da tuƙi ne sana'arsa, kuma duk wanda ya taɓa zama gefensa a mota ya san abin da ya sa ake ce masa Kawu Birki. Tun kana nesa da kwana zai fara kwaɗa maka kalmar a kunne. Kaza ta gifta, birki. Leda ta tashi, birki. Ƙanina ya rantse cewa ko a barci ya taɓa jin Kawu ya faɗe ta, kuma ban ƙaryata shi ba.

Da ƙuruciyarsa direban wani kamfanin katifa ne, ya yi shekara da shekaru yana jigila bai taɓa ko goga motar da bango ba. Da kamfanin ya rufe sai ya sayi wata farar mota da ta ga jiya ta ga yau, ya sa mai walda ya ɗaura masa birki na biyu a ɓangaren fasinja, ya zama malami. Ofishinsa benci ne guda a gefen shagon mai faci. Ajinsa kuwa wani fili ne a bayan tsohuwar masana'anta, inda yake jera jarkoki marasa komai a ciki, ya ce ka ɗauka kowace jarka ɗan mutum ce. In ka taka ɗaya, sai ya fito ya tsaya a kanta yana salati kamar da gaske an yi rashi.

Ni ma shi ya koya mini, kuma na yi kuka a filin nan ba sau ɗaya ba. Amma na san abin da sauran ɗalibansa ba su sani ba. Ranar da ɗayansu zai yi gwajin lasisi, Kawu ba ya iya karin kumallo. A bakin ƙofar wurin yake wuni yana kai da kawowa, in an ci ya dawo gida yana fara'a, ya ce wai iska ya je sha. Su kuwa da lasisi ya shiga hannu sai su yi layar zana. Wani ma in ya hango shi a titi sai ya sauya hanya.

"Ni ba godiya nake nema ba," haka yake cewa. "Su dai kada su kashe kowa."

Ƙarya yake yi, kuma abin yana ba ni tausayi. Mutumin nan ya tsufa a cikin motar nan, babu abin da yake so kamar ya ji cewa ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya koya wa yana tuna shi da alheri.

Surukinsa, mijin autarsa, mai sayar da kayan waya ne, shi ya buɗe masa shafi a taswirar waya, inda mutane ke ba sana'a taurari su rubuta ra'ayinsu. An daɗe babu abin kirki a ciki. Wani ya rubuta, "Ya iya amma akwai faɗa." Wani kuma taurari biyu ya jefa ya wuce, ko uffan bai ce ba. Sai ga shi wata rana Kawu ya faɗo shagon maganin da nake aiki, baki har kunne, yana miƙo mini waya.

"'Yar nan, karanta mini. Na bar tabarau a gida."

Tabarau na aljihun rigarsa, ina ganinsa. So yake ya ji da kunnensa. Na karanta masa: "Makaranta ce ta musamman, ƙwararrun malamai masu haƙuri da sanin ya kamata. Na gamsu matuƙa, ina ba kowa shawarar ya zo." Taurari biyar. Na ƙasansa ma biyar, na ƙasan wancan ma haka, abin har ba ya ƙarewa. Masu sayen magani na jira, ban tsaya tunani ba, na taya shi murna ya tafi.

Makon nan mun ga abin mamaki. Kawu ya sa aka wanke mota har ƙarƙashinta. Ya daina ihu, tunda duniya ta shaida shi mai haƙuri ne. Wani ɗalibi ya nufi jarkoki gadan-gadan, Kawu ya ce masa a hankali, "Ɗana, in ba damuwa, ko za ka ɗan rage?" Kafin ya kai ƙarshen maganar an bi ta kan jarka uku, shi kuma don tsabar ladabi ya manta da nasa birkin.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta fara tsarguwa. Ranar hutu da la'asar na je gaishe su, na tarar da autar da mijinta sun zo. Kawu ya sake sa ni karatu, wai don baƙi su ji. Inna tana ninke wanki, tana saurare, har na zo kan wani da ya ce "motocinsu na zamani ne, ma'aikatansu na tarbar mutum da murmushi."

"Dakata," in ji ta. "Malam, motoci nawa gare ka?"

"Ke dai ki ji mana."

"Ina ji. Su wane ne ma'aikatan? Mai faci? Shi da ko ranar aurensa bai yi murmushi ba?" Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Duk cikinsu babu wanda ya ce ka yi masa tsawa. Babu wanda ya ambaci jarka. Babu wanda ya ce ƙofar direba sai an ɗaga ta take rufuwa. Wanda ya shiga motar nan bai fito da ko ɗaya cikin waɗannan ba, to ba motarka ya shiga ba."

Sai a lokacin na duba da idon basira. Yabon nan za ka iya ɗauke shi ka manna wa gidan burodi ko asibitin haƙori, ya zauna daram. Duk tsawonsu kusan ɗaya, dukansu da gamsuwa suke farawa su ƙare da ba kowa shawara. Kusan duka a 'yan kwanaki suka shigo, bayan shafin ya yi wata da watanni shiru. Na taɓa sunayen masu rubutun ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su taɓa rubuta komai ba sai wannan. Wani kuwa a rana guda ya yabi Kawu, ya yabi wani otal, ya yabi shagon gyaran gashi a wata ƙasa, duka da kalmomi kusan iri ɗaya.

"Kawu," na ce, "wannan ba rubutun ɗalibanka ba ne. Manhajar nan ce da ake ce mata rubuta kaza, ta rubuta. Ba ta taɓa ganinka ba, shi ya sa ba ta da abin faɗi sai daɗin baki."

Surukin ya sunkuyar da kai har ya kusa shigewa cikin rigarsa. Autar ta zungure shi.

"Baba, a gafarce ni," ya ce. "Na ga sabuwar makarantar can ta fi mu taurari, mutane na ta tafiya wurinsu. Wani ne ya ce zai iya cika mana shafi. Wallahi taimako na yi niyya."

Na zaci Kawu zai ɗaga rufin ɗakin da ihu. Da ya yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya juya wayar a hannunsa, sannan ya ce, "Wato babu ko mutum ɗaya."

Can ya ce a cire su duka, shi ba zai ja ɗan kowa cikin motarsa da ƙarya ba. Na gaya masa mai shafi ba ya iya goge ra'ayin mutane da kansa, sai dai ya kai ƙara a duba, ko wanda ya rubuta ya janye. Surukin ya fita waje da sauri ya kira mutumin nasa ya kwashe kayansa. Ni kuma na zauna ina karanto sunaye, don mu ware waɗanda za mu kai ƙara in sun ƙi tafiya.

Ina cikin haka na ce, "Maman 'Yan Biyu. 'Kyakkyawar makaranta, ingantaccen horo, na gamsu ƙwarai.' Ita ma ta shiga layi."

"Tsaya!" Kawu ya miƙe zaune. "Mai hoton jar mota? Ai wannan ɗalibata ce. Ita ta shigar mini da mota cikin kwata da ribas."

Na duba, gaskiyarsa. Rubutun sumul yake kamar sauran, amma nata ya riga su shigowa, kuma ta taɓa yin ƙorafi a kan wani shagon takalma na kusa da mu, har da hoton takalmin. Saura kaɗan in kai ƙarar mutum ta gaske. Kawu ya laluba lambarta, ya sa a lasifika.

"Malam, ni ce na sa," ta ce tana dariya. "Ban iya tsara magana ba, sai na ce wa manhajar ta rubuta mini mai kyau. Bai yi ba ne?"

"Bai yi ba! Ni na koya miki tuƙi ko ita? Goge ki rubuta da bakinki."

"Ko da abin da ba za ka so ba?"

"Har da shi."

Inna ta kawo shayi, muka sha. Kawu ya yi kamar ya manta, amma idonsa na kan wayar. Da ta yi ƙara, ko maganar tabarau bai yi ba, ya turo mini.

Ga abin da ta rubuta: "Malam yana da faɗa, kada wanda ya ce muku ba shi da shi. Na faɗi gwaji sau biyu na ce na haƙura. Kullum da safe sai ya zo ƙofar gidanmu yana danna hon har maƙwabta suka roƙe ni in fita. Yanzu ni nake kai mahaifiyata asibiti, ba na jiran kowa. Duk ranar da na kai ta sai ta sa masa albarka, ni kuwa tsoron zuwa in gaya masa nake. Na rage tauraro ɗaya saboda kunnena na ɓangarensa har yau bai dawo daidai ba."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Kawu ya juya wajen taga yana goge ido da hannun riga, wai tururin shayi ne.

"Huɗu," ya ce. "Ta zubar mini da mota a kwata, kuma ta ba ni huɗu." Ya juyo gare ni. "'Yar nan, koma wurin da ta yi maganar mahaifiyar tata. Karanta a hankali."