Rasit ɗin da na rubuta wa Kawu

Shekara huɗu na yi ina karɓar kuɗin kasuwa a garinmu, lokacin ana kiransa Abuja, kafin sunan ya koma Suleja. Har yau idan na ga yaro da jakar tikiti a kafaɗa sai in ji kamar in ja shi gefe in ce masa, kai, kada ka yarda alƙalaminka ya riga kuɗi shiga jaka.

Aikin iri biyu ne. Masu baza kaya a ƙasa, irin matan Gwari da ke ɗauko doya da tukwane a kafaɗa daga wajen Lambata, tikiti nake yaga musu, su ba ni kwabbai, magana ta ƙare. Masu rumfa kuwa duk wata suke biya. Su akwai babban littafi mai sunan kowa da lambar rumfarsa, sannan akwai littafin rasit mai kabon a tsakiya. Rasit ɗin sama na mai rumfa ne, kwafin na ƙasa ya zauna a littafi. Ran Juma'a in kai wa ma'aji, ya lissafa na ƙasan, ya ƙirga abin da ke jakata. Dole su zo daidai, ko kwabo bai yarda ya yi ciwon kai ba.

Kawuna, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, yana da rumfa biyu a layin 'yan hatsi. Shi ya biya min kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifina, kuma wallahi bai taɓa bari na manta ba. Duk ranar da na tsaya gabansa da littafi sai ya yi dariya ya ce, "A'a, Malam Gwamnati! Zauna ka sha fura." In sha furar, in tashi, gurbin sunansa ya zauna fayau. Haka muka yi wata tara. Kunya ce ta hana ni buɗe baki.

Sai aka yi shelar za a kafa babban birnin ƙasa kusa da mu. Nan da nan baƙi suka cika gari, Kanawa, Yarabawa, Inyamurai, kowa na neman rumfa ido rufe. Umarni ya sauko cewa duk wanda bashinsa ya wuce wata uku, idan bai nuna rasit ba ranar Talata, a sa wa rumfarsa kwaɗo a ba wani.

Ranar Litinin da hantsi Kawu ya kira ni bayan buhuna. Wannan karon babu fura. Ya ce, "Ɗana, kuɗina na hannun wani mai mota a Lambata, ran Alhamis zai kawo. Rubuta min takardar nan in nuna gobe. Kafin Juma'arka na cika maka jaka."

Na ce, "Kawu, da zarar na rubuta, bashin ya tashi daga kanka ya dawo kaina."

Ya ce, "To ni zan cuce ka? Ni da na saya maka alƙalamin da kake rubutun da shi?"

Naira hamsin da huɗu ne, albashina bai kai haka ba. Na san doka sarai, ni nake karanta wa mutane ita. Amma na hango Inna ta ji an rufe rumfar ɗan'uwanta ina tsaye da littafi. Na jingina littafin a kan buhun dawa na rubuta, na sa hannu, na yage na ba shi. Ya ninke ya sa a aljihu, ya sa min albarka.

Talata ya nuna, rumfunansa suka tsira. Laraba da safe ina cikin yaga wa wata mai barkono tikiti aka dafa kafaɗata. Mai binciken kuɗi ne, wanda ba ya sallama kafin ya zo. A rumfar Sarkin Kasuwa ya zazzage jakata a kan tabarma, ya ƙirga, ya bi kabon ɗaya bayan ɗaya, ya sake ƙirgawa. Ya ɗago ya ce, "Ina naira hamsin da huɗu?"

Ban ji tsoro sosai ba, ka ji wauta. Na faɗi gaskiya, na ce laifina ɗaya, na rubuta kafin in karɓa, a kira mai rumfar zai tabbatar. A raina na ce iyaka a yi min faɗa a yanke albashi.

Aka kira Kawu. Ya zo da babbar rigarsa, ya gaida Sarkin Kasuwa, bai dubi inda nake ba. Aka tambaye shi ko ya biya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro rasit ɗin, ya warware shi a hankali ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Amma an ce min wannan ita ce shaidar wanda ya biya."

Na ce, "Kawu!"

Ya ce, "Ba hannunka ba ne?"

Hannuna ne. Daga baya na gane lissafinsa. Idan ya ce bai biya ba, rasit ya zama na banza, kwaɗo ya hau rumfa biyu a ranar. Ya auna ni da rumfunan, ya ga sun fi ni nauyi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, bakina har ɗaci yake.

Sarkin Kasuwa dattijo ne, ya san ni, ya san Kawu, ina jin ya san komai. Ya ce min, "Yaro, takarda tana bayansa. Abu ɗaya ya rage. Idan kana so, a kawo Alƙur'ani ya dafa."

Na dubi Kawu, na ga ya fara naɗe hannun riga zai nemi ruwan alwala. Zai dafa ɗin! Mutumin da suka sha nono ɗaya da Inna zai rantse kan ƙarya a tsakiyar kasuwa, kuma ni ne zan miƙa masa. Duk abin da ya same shi bayan nan, a gidanmu za a ce ni na jawo. Na ce, "A bar shi, ranka ya daɗe. A rubuta a kaina."

Aka karɓe jaka da littattafai a gaban mutane. Kekena na sayar, da rediyo, na ciko sauran da rance, shi ya sa ba a kai ni kotu ba. Aiki dai ya tafi. Kafin la'asar layin 'yan hatsi duk sun ji cewa yaron nan ya ci kuɗin kawunsa ya kuma nemi ya laƙa masa.

Haka labarin ya isa wa Inna. Na same ta a tsakar gida ta yi tagumi, tuwo ya huce a gabanta. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga min hannu. Ta ce kuɗin ba su dame ta ba, kowa na iya zamewa. Abin da ya ƙona mata rai shi ne in rasa wanda zan yi wa ƙazafi sai mutumin da ya riƙe ni. Da na ce mata ɗan'uwanta ne ya yi ƙarya, da wanne za ta ji? Har ta koma ga Allah ban faɗa mata ba.

Ta yafa mayafi ta ce in wuce gaba. Muka taka har gidan Kawu a unguwar Bagama, ta sa na durƙusa a zaure, ita ma ta durƙusa kusa da ni, tana kuka tana cewa, "Yaya, ka dubi maraicinsa."

Kawu ya ɗora min hannu a ka, hannun nan da ya zaro rasit. Ya ce, "Haba, ba komai. Ƙuruciya ce. Na yafe masa duniya da lahira."

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce na gode.