Kaka ta je rakiya

Kakata, mahaifiyar babana, ta shekara biyu idanunta fari fat a tsakiya, kamar an ɗiga mata nono a baƙin ido. Ba ta ganin komai sai haske da duhu. Amma kunnenta! In tururuwa ta yi tuntuɓe a kasuwar Dogarawa, Kaka za ta ji daga ƙauyenmu, har ta ce a yi mata sannu.

Duk wanda ya kawo maganar asibiti sai ta kore shi. A wurinta furfura ce ta gama da kai ta gangaro ido, kuma ba ta taɓa jin wanda ya kai furfura wurin likita ba. Mutanen gari ma haka suka ɗauka: idon da ya yi fari ya mutu, sai haƙuri.

Ƙanwarta, wadda muke kira Inna, nata idon baƙi wuluk, tas kamar na ɗan akuya. Sai dai kullum tana karo da abubuwa. Ta yi karo da turmi, ta yi karo da jakin maƙwabta har ta ba shi haƙuri. Abin da ke gabanta sak tana ganinsa, na gefe kuwa babu. Kowa ya ce nata mai sauƙi ne, tunda idon lafiyayye ne a gani, ɗan magani kawai yake so. Don haka da aka gama cire albasa, Baba ya shirya kai Inna babban asibitin da ke can wajen Malbaza.

Nan Kaka ta ce ƙanwarta ba za ta shiga hannun baƙi ba babu babba a kusa. Makauniya za ta raka mai ido. Ni aka ba aikin jan ta, don ni ne jikan da take kira maigidanta, kuma ta ce mijin kirki ba ya barin matarsa ta hau mota ita kaɗai.

Likitan ya daɗe a kan Inna. Ya ɗiga mata magani, ya auna idon da wani ɗan ƙarfe, ya leƙa ciki da fitila. Sannan ya yi wa Baba bayani a hankali: ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi, ya daɗe yana danne jijiyar gani, yana cin ta daga gefe. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai maganin ɗigawa kullum don a tsare ɗan abin da ya rage.

Kaka na kan benci tana ba da umarni, tana fuskantar bango. Likitan ya juyo ya dube ta, ya matso da fitilarsa. Ya haska mata ido, na ga ɗan farin nan ya tsuke. Ya tambaye ta daga ina hasken yake zuwa, ta nuna daidai, sama, ƙasa, dama, hagu, tana faɗa masa ya daina wasa da manya. Ya ce wannan ba hakiya ba ce, wadda ke zama tabo a saman ido. Yanar ido ce, a ciki take, kuma ta nuna, ta isa cirewa. Bayanta idon na da rai. In aka cire ta, za ta gani.

Kaka ta ce ita rakiya ta zo. Ta ce ba a taɓa yanka ɗan rakiya ba tun da aka kafa duniya. Baba ya lallashe ta, ta ƙi. Ni na ce ta yarda ko don ta ga kyawun maigidanta, ta lalubo kunnena ta murɗe. Har ta miƙe tana neman ƙofa ta inda babu ƙofa.

Inna ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kin ji abin da ya ce da nawa. In ya ƙarasa rufewa, wa zai ja ni? Wannan ɗan banzan?"

Kaka ta tsaya. Sannan ta koma ta zauna, ta ce a yi ido ɗaya, na dama, ɗayan a bar mata shi ajiya.

Bayan an yi mata aikin, ta yi kwanaki kwance da ƙyalle a ido, an hana ta sunkuyo da tari mai ƙarfi. Faɗa ne kawai ba a hana ta ba. Daga baya aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, don an cire mata abin da ke tattara haske tare da yanar. Da ta saka, idonta ya zama kamar na mujiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan ne?" ta tambayi Baba. "Shekara biyu ana ce mini ya yi kyau."

A motar komawa ta zauna gefen taga, ta riƙe hannun Inna gam. Duk abin da muka wuce sai ta faɗa mata: ga rumbunan albasa, ga raƙumi ya durƙusa, ga wata mata da ɗaurin kallabi kamar an yi mata dole. Da muka sauka na miƙa hannu in taimaki Inna, Kaka ta buge shi, ta ce in ɗauko kaya.